Ramar da Babbar Riga da Sikeli ke Ɓoyewa

Mu ƙaddara wani magidanci ɗan shekara 57, tela ne, an kwantar da shi asibiti da ciwon hanta da ya daɗe yana cin sa. Cikinsa ya tara ruwa, ƙafafunsa sun kumbura har sha-raɓa. Ranar da aka ba shi gado aka ɗora shi a sikeli, ya nuna kilo 66. Ɗansa ya zaro wani tsohon kati daga aljihu, awon wata 6 da suka wuce, an rubuta kilo 68. Wanda ya karɓe shi ya dubi lambobin biyu, ya ga kilo 2 ne kawai tsakani, ya rubuta a fayil cewa nauyinsa bai sauya sosai ba. Aka shiga batun allurai da gwajin jini, maganar abinci ta tsaya nan.

Matarsa kuwa, da ke zaune kan tabarma a gefen gado, ta san wani abu da sikelin bai sani ba. Ta san hular da ya saba kafawa yanzu tana zamewa har gira. Ta san agogonsa ya koma yawo a tsintsiyar hannu har ya gaji ya cire. Ta san almakashin da yake yanka shadda ninki huɗu da shi ya fara gagarar yatsunsa tun kafin azumi. Ba wanda ya tambaye ta, ita ma ba ta ɗauka wannan magana ce ta likita ba.

Magana ce ta likita, babba ma kuwa. Akwai wani duba na musamman da likitoci, nas-nas da masana abinci na asibiti ke yi wa majinyaci da ido da hannu, daga kai har ƙafa, don gano ko tsoka da kitsen jikinsa sun zube. Ba ya buƙatar inji, ba ya buƙatar wutar lantarki. Haske mai kyau, hannu mai tsabta, tef irin na tela, da minti goma zuwa sha biyar sun isa. Tsarin da ya fi shahara wasu likitoci ne a Toronto ta Kanada, cikinsu har da Allan Detsky da Khursheed Jeejeebhoy, suka wallafa a 1987, inda suka haɗa tambayar tarihin cin abinci da duban jiki, sannan a raba majinyata gida uku: mai ƙoshi, mai matsakaiciyar tamowa, da mai tsananinta. A 2012 manyan ƙungiyoyin masana abinci na asibiti a Amurka suka fitar da alamomi 6 na tamowar manya, suka ce biyu daga ciki sun isa a tabbatar da ita. Zubewar tsoka da zubewar kitse na ƙarƙashin fata suna cikin shidan, kowanne da gurbinsa.

Dalilin da ya sa sikeli ya kasa a kan telanmu mai sauƙi ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Sikeli ba ya bambanta ruwa da nama. Idan tsoka ta tafi, ruwa ya maye gurbin nauyinta a ciki da ƙafafu, lamba za ta tsaya kusan inda take, mutum kuwa yana ƙarewa. Ga kuma suturarmu. Babbar riga, jamfa mai faɗi, hijabi har ƙasa, hula, ɗankwali: duk sutura ce ta mutunci, amma wuraren da rama ke fara bayyana su ne daidai wuraren da take rufewa. Likitan da ya leƙa ƙirji ta wuyan riga ya saurari numfashi ya wuce, bai ga kafaɗa ba, bai ga baya ba.

Kitse daban, tsoka daban

A bakinmu duka rama ce. A asibiti dole a raba su, domin ba labari ɗaya suke bayarwa ba. Kitse rumbun jiki ne. Idan abinci ya yi ƙaranci, sukarin da hanta ta ajiye yakan ƙare cikin kwana ɗaya ko kusa da haka, sai jiki ya buɗe rumbun ya fara ƙona kitse, yana tattalin tsoka gwargwadon iko. Mai yunwa zalla, wanda ba wata cuta a jikinsa, kitsensa ne ke fara tafiya.

Cuta mai ruruwa a jiki, irin tarin fuka, kansa, ciwon hanta, ciwon ƙoda ko babban ƙuna, ba ta bin wannan tsari. Tana sa jiki ya riƙa warware tsoka yana amfani da ita ko da rumbun kitse na nan cike. Shi ya sa za ka ga mace mai jiki, damtse cike, amma ba ta iya tashi daga kujera sai an kama ta. Kitsen na nan, abin da ke ƙarƙashinsa ne ya tafi. Irin waɗannan ne aka fi wucewa ba a lura ba, don ba wanda ke zaton tamowa ga mai ƙiba. Mai ciwon hanta kuwa nasa ya fi sauri, domin hantar da ta lalace ba ta iya ajiyar sukari sosai. Kwana ɗaya da ya yi daga cin dare zuwa karin kumallo, a jikinsa kamar mai lafiya ne ya yi kwana biyu zuwa uku bai ci ba.

Kuma tsoka ba ta ɗaukar kaya kaɗai ba ce. Da ita ake numfashi, da ita ake tarin da ke fitar da majina daga huhu, da ita ake haɗiya, da ita ake juyawa a gado don kada gyambon kwanciya ya kama. Wanda tsokarsa ta zube yakan daɗe a asibiti, rauninsa ya yi jinkirin warkewa, ciwon huhu ya same shi cikin sauƙi.

Daga kai zuwa ƙafa

Mu koma gefen gadon telan, wannan karon tare da nas ɗin da ta san aikin. Ta ja labule, ta gaishe shi, ta ce, “Baba, zan duba jikinka in ga yadda ciwon nan ya taɓa naman jikinka. Zan taɓa fuska da kafaɗa da hannu da ƙafa. Ka yarda?” Ya ce ba komai. Ta roƙi ɗansa ya taimaka a cire rigar, a bar masa mayafi a cinya. Neman izinin nan ba ƙari ba ne, cikin aikin yake. Inda majinyaciya mace ce kuma ta fi son mace ta duba ta, a nemo mace. Duban da aka yi ta saman hijabi saboda kunya daidai yake da ba a yi ba.

Ta fara da tambaya kafin taɓawa. Yaya cin abincinsa? Matar ta ce tun wata uku baya malmala guda ba ya gamawa, rabi yake bari, da ya ci kaɗan sai ya ce cikinsa ya cika. Nama da ƙwai kuma an hana shi a gida, wai ba sa jituwa da ciwon hanta. Nan ne labarin hula da agogo da almakashi ya fito. Nas ta nemi katin shaidarsa ta dubi hoton da ke jiki, na shekarun baya: fuska a cike.

Sai ta ce, “Baba, a ɗan cire hular.” Ta tsaya daidai gabansa, ta sa ya juya kai dama da hagu. Abin da take nema shi ne gefen goshi, wurin nan tsakanin wutsiyar ido da saman kunne. Akwai tsoka a nan mai shimfiɗe kamar mafici, ita ke taya muƙamuƙi tauna. Mai karatu na iya gwadawa yanzu: ɗora yatsu uku a wurin ka cije haƙora, za ka ji abu ya taso ya ture yatsun. A mai lafiya wurin a cike yake ko a shafe. Idan tsokar ta fara tafiya sai a ga ɗan lotsawa. Idan ta yi nisa sai wurin ya zama rami kamar an kwashe da cokali, ƙashin gefen ido da na kunci su fito fili. A jikin telan rami ne, ɓangarorin biyu, kuma da ya cije abin da ya taso ƙarƙashin yatsunta kaɗan ne, mai laushi.

Tana nan a fuskar ta duba kitse. Ƙarƙashin ido akwai ɗan matashin kitse da ke sa wurin ya ɗan tasa. Ta shafa saman ƙashin da ke ƙasan idon a hankali. Babu matashin, idon ya faɗa kwarmi, fatar ta saki, ta yi duhu. Kumatun ma sun shige ciki.

Daga nan ta sauko wuya da ƙirji, hannayensa a sake a gefe. A namiji mai ƙoshi ƙashin da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa ba ya fitowa sosai, tsokar ƙirji da ta wuya sun rufe shi. A mata yakan ɗan bayyana ko da lafiya lau, wannan halitta ce. Na telan ya fito zarar, da rami sama da ƙasa, har yatsa na iya zagaya shi. Kafaɗa kuma, wadda ya kamata ta gangaro a kewaye zuwa damtse, ta zama mai kusurwa kamar an rataye riga a katako, ƙashin samanta ya yi tsini. Cikin duk alamomin, wannan kafaɗa mai kusurwa ita ce wadda in ka gan ta sau ɗaya ba ka ƙara mantawa.

Ta zagaya bayansa, ta sa ya miƙa hannu ya tura tafin ɗansa da ƙarfi. Turawar na sa tsokokin baya su ɗaure, a ga iyakarsu. Allon kafaɗa ya fito da gefensa duka, da lotsawa sama da ƙasan ƙashin da ya ratsa shi. Tana nan ta dubi haƙarƙari daga hammata zuwa ƙugu: ana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, tsakaninsu ya zurma. Wannan na kitse ne.

Sai damtse, inda aka fi yin kuskure. Ta lanƙwasa hannunsa a gwiwa, ta kama naman bayan damtsen tsakanin babban yatsa da manuni, daidai tsakiya. Wanda bai iya ba yakan damƙo kitse da tsoka tare ya ce akwai jiki. Ita sai ta murza a hankali tana ja, har tsokar ta sulluɓe ta koma wurinta, ya rage fata da kitsen da ke ƙarƙashinta kawai. A mai ƙoshi za a ji kauri tsakanin yatsun. A nan yatsunta biyu sun kusa haɗuwa, kamar ta kama ƙyalle ninki biyu. Ta ɗauko tef, ta auna daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin gwiwar hannu, ta sa alama a tsakiya, ta sa ya saki hannun ya rataya, ta zagaya tef ɗin ba tare da matsewa ba. Santimita 21.5. A manya, abin da ya gaza 23.5 yakan nuna mutum ya faɗa ƙasa da nauyin da ya dace da tsawonsa. Amfanin damtse ga mai irin wannan ciwo shi ne ruwa bai cika taruwa a nan ba, sai ƙasa.

A bayan hannu ta sa ya matse babban yatsa da manuni. Tsokar da ke tsakaninsu ya kamata ta kumbura. Mai karatu ya gwada ya gani. Ta telan ta lotsa, a hannu biyun. Ta ba shi yatsunta biyu ta ce ya matse iya ƙarfinsa, riƙon ya zo da rauni. Akwai na'urar awon ƙarfin riƙo da ke ba da lamba, inda babu ita kuwa sai a rubuta cewa da hannu aka gwada.

Ƙafa ce ta ƙarshe. A zaune, ƙafa ɗore kan ƙaramar kujera, ana duban cinya ko ta lotsa ta ciki, da gwiwa ko ƙashinta ya fito ya fi cinyar faɗi, sannan a kama sha-raɓa a ji ko akwai dunƙulen tsoka. Cinyar telan ta sirance, gwiwa ta fito. Sha-raɓa kuwa kumburi ya rufe ta. Nas ta danna babban yatsa a saman ƙafa da ƙauri ta ɗan riƙe, ta ɗaga, rami ya zauna. Ba ta yi ƙoƙarin ƙiyasta tsokar da ke ƙarƙashin ruwan ba. Ta bar wurin a matsayin wanda bai dubu ba.

Ba kowane rami ne yunwa ba

Nan ne gwaninta take. Ƙa'ida ta farko: ramar rashin abinci ɓangare biyu take ci, daidai wa daida. In hannun dama ya sirance na hagu na nan, a nemi wani dalili. Shanyewar ɓarin jiki na yin haka. Shan inna na ƙuruciya na barin ƙafa ɗaya siririya har tsufa. Karayar da ta daɗe a ɗaure na shanye tsokar wurin. Kuturta, idan ta taɓa jijiyar hannu, tana cinye tsokar nan ta tsakanin yatsu ƙarƙaf alhali mutum na cin abincinsa lafiya. Wanda ya ga ramin hannu kaɗai ya rubuta tamowa ya yi kuskure biyu: ya ba da sunan da ba shi ba, ya kuma rufe ƙofar neman ainihin cutar.

Ido ma yana ruɗi. Mai gudawa da amai idonsa kan faɗa cikin kwana guda saboda ƙarancin ruwa, a yi masa ƙarin ruwa ya dawo daidai. Kitse ba ya tafiya ya dawo haka. Tsohuwar da haƙoranta suka zube kumatunta za su shige ko da tana ƙoshi. Wasu mutane kuma siraran halitta ne tun tasowa, gidansu duka haka suke. Shi ya sa tambayar “haka yake da can?” da tsohon hoto suke da daraja. Tsufa kansa na rage tsoka a hankali, don haka ɗan shekara 80 ba a auna shi da ma'aunin ɗan 30.

Ƙa'ida ta biyu ta fito daga ta farko: wuri ɗaya ba ya yanke hukunci. Ana son a ga wurare da dama sun yi magana ɗaya, kuma tarihin ci da na nauyi su goyi baya. A kuma sani cewa duban ido da hannu yana da iyaka. Ramar da ta yi tsanani kowa zai gani, amma mai sauƙi, ƙwararru biyu na iya saɓawa a kanta. Ga yara ƙanana ma an ga dogaro da ido kaɗai na barin da yawa a baya, shi ya sa ake amfani da tef ɗin nan mai launi uku a damtse: daga wata 6 zuwa 59, ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Wani kuskuren kuma shi ne jingina da gwajin jinin nan na albumin. A da ana ɗaukar saukarsa alamar rashin abinci. Yanzu an san cuta mai ruruwa da lalacewar hanta kan saukar da shi ko mutum na ci ko ba ya ci.

Yanzu a sake lissafin telan. Ƙungiyar likitocin hanta ta Turai ta ba da hanyar ƙiyasta nauyin mutum in an cire ruwa: a rage kashi 5 cikin 100 idan ruwan ciki kaɗan ne, kashi 10 idan matsakaici ne, kashi 15 idan ya yi yawa, sannan a ƙara rage kashi 5 in ƙafafu biyu sun kumbura. Nasa matsakaici ne, ga kumburin ƙafa, wato kashi 15 ke nan. A cire daga kilo 66, ya rage kusan 56. Daga 68 zuwa 56 kilo 12 ne, fiye da kashi 17 cikin 100 a wata 6. A ma'aunin da manyan ƙungiyoyin duniya suka amince da shi a 2018, wanda ya zubar da fiye da kashi 10 cikin wata 6 yana matakin tsanani. Sikeli ya ce kilo 2, wato kashi 3. Ƙiyasi ne, ba awo ba, amma ya zo daidai da abin da hannu ya ji a kafaɗa da damtse.

Abin da za a rubuta

Duk wannan aiki zai iya lalacewa a layi ɗaya. Abin da aka fi gani a fayil shi ne kalma ɗaya ko biyu: “ya rame,” ko “da alamar rashin abinci.” A Nijeriya da Turanci ake rubutawa, a Nijar da Faransanci, amma ciwon ɗaya ne. A ganina wannan rubutu bai da maraba da shiru. Likitan dare da ya karanta bai san ina ne ya rame ba, tsoka ce ko kitse, kaɗan ne ko da yawa. Wanda zai duba bayan mako biyu ba shi da abin da zai gwada da shi, ba zai iya cewa an ci gaba ko an koma baya ba. Majinyaci kuwa hannu da yawa yake bi: masu aikin safe, na dare, masanin abinci, mai gashin ƙashi, wani asibitin in an tura shi. Fayil ne kaɗai ke bin sa duk inda ya je.

Ga yadda nas ɗin ta rubuta nata, in an mayar da shi Hausa. Ta sa kwanan wata da lokaci, ta ce an duba shi a zaune, an cire riga, da izininsa. Sannan: “Kitse: ƙarƙashin ido ya faɗa sosai, kumatu sun shige, bayan damtse yatsu na kusan haɗuwa, dama da hagu, haƙarƙari a fili. Zubewar kitse mai tsanani. Tsoka: gefen goshi ya yi rami ɓangare biyu; ƙashin wuya ya fito da rami sama da ƙasa; kafaɗu masu kusurwa; allon kafaɗa a fili; tsakanin babban yatsa da manuni ya lotsa a hannu biyu; cinya ta sirance, gwiwa ta fito. Zubewar tsoka mai tsanani, daidai a ɓangarorin biyu. Sha-raɓa ba ta dubu ba saboda kumburi. Ruwa: kumburi mai lotsawa a ƙafa biyu har ƙasan gwiwa, ruwan ciki matsakaici. Kewayen damtsen hagu santimita 21.5. Riƙo da rauni, da hannu aka gwada. Nauyi a sikeli kilo 66. Ƙiyasin nauyi ba ruwa kusan kilo 56, an rage kashi 15. Wata 6 baya kilo 68, daga katin asibiti. A cewar matarsa yana cin kusan rabin abin da ya saba tun wata 3, ba ya cin nama da ƙwai. Babu tarihin shanyewar jiki ko ciwon jijiya.” A ƙarshe ta rubuta hukuncinta: tamowa mai tsanani mai alaƙa da daɗaɗɗen ciwon hanta, ta ambaci ma'aunin da ta bi, ta nemi masanin abinci ya gan shi a ranar, a sake dubawa bayan mako ɗaya. Ta sa suna da hannu.

Bai kai rabin shafi ba. A lura da abin da ta yi. Ta fara da abin da ido ya gani da abin da hannu ya ji, wuri wuri, sannan ta kawo hukunci, don wanda bai yarda da hukuncin ba ya iya komawa gadon ya duba da kansa. Ta faɗi ɓangaren da ta auna, domin mai zuwa ya auna hannun hagun nan dai, ba na dama ba. Ta raba abin da aka auna da abin da aka ƙiyasta da abin da aka ba ta labari: 66 sikeli ne, 56 lissafi ne, rabin malmala maganar uwargida ce. Kowanne da nauyinsa, bai kamata a cakuɗa su ba.

Layin da na fi so a ciki shi ne na sha-raɓa. Gurbin da aka bari fari a fayil, mai karantawa yakan ɗauka lafiya lau ne. Rubuta “ba ta dubu ba” tare da dalili gaskiya ce, kuma tana gaya wa na gaba inda zai koma in kumburi ya sauka. Haka nan in an duba wuri aka same shi daidai, a rubuta daidai ne. Abin da ya kamata a guje wa shi ne kwafe bayanin jiya a manna a na yau ba tare da an sake taɓa majinyaci ba, da kuma kalmomin zargi irin “ya ƙi cin abinci.” Mutumin da ruwa ya danne masa ciki bai ƙi ci ba, wuri ne babu. A rubuta nawa ya ci da abin da ya hana shi.

Akwai wani amfani na wannan rubutu da zai bayyana nan da kwana kaɗan. Za a ba telan maganin fitsari, wataƙila a zuƙe ruwan cikin, sikeli ya faɗo zuwa 60 ko ƙasa. Wanda bai ga bayanin farko ba zai firgita ya ce ya zube a asibiti. Wanda ya gani zai san ruwa ne ya fita, sai ya koma ga tef: in damtse na nan a 21.5, ba a yi asarar nama ba. Tsoka ba ta dawowa cikin mako guda, sai an yi makonni ko watanni ana ci ana motsa jiki. Abin da ake fata da farko shi ne zubewar ta tsaya, riƙo ya fara ƙarfi.

Rubutun ne kuma ke sauya abin da ke shiga kwanonsa. Hana mai daɗaɗɗen ciwon hanta nama da ƙwai tsohon tunani ne da aka bari. Yanzu ana so ya sami abinci mai gina jiki giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa ba ruwa, wato ga telanmu kusan giram 67 zuwa 84 a rana, alhali ƙwai ɗaya kusan giram 6 ne. Sai an haɗa da wake, nono, kifi, gyaɗa. A ba shi kaɗan kaɗan sau da yawa, gishiri ne za a rage, kuma lallai ya ci wani abu kafin barci don gajarta azumin dare. Wanda ya daɗe ba ya ci sosai ba a ɗura masa abinci lokaci guda. A hankali ake hawa, likita na lura da gishirin jininsa, don komawa ci da gaggawa na iya taɓa zuciya.

Kai da ke jinyar mahaifi ko miji ko ƙanwa, abin da ka sani game da jikinsu kafin ciwo ba ya cikin kowane gwaji. Ka zo da tsohon kati in akwai, ka zo da tsohon hoto. Ka faɗa wa likita cewa hula ta yi yawa, zobe ya zame, tazuge ya ƙara tsawo, ko da bai tambaya ba. In akwai kumburi a jiki, kada lambar sikeli ta kwantar maka da hankali. Ka roƙa cikin ladabi a cire riga a duba kafaɗa da baya da damtse, a auna da tef, kuma a rubuta lambar a fayil tare da kwanan wata.